Ciniki ya ƙaru, aljihu ya bushe: yadda ɗalibi zai karanta rahoton shekara na kamfani

A shekarar 2023 kamfanin Nestlé Nigeria, mai Maggi da Milo, ya yi cinikin kusan naira biliyan 547, wanda ya zarce na shekarar da ta gabata. Ribar da ya ci daga sarrafa kaya da sayar da su ta haura naira biliyan 120. Amma da aka rufe lissafi, sai kamfanin ya tashi da asarar sama da naira biliyan 79. Duka waɗannan alƙaluma uku gaskiya ne, kuma a rahoto ɗaya suke. Wanda ya tsaya a na farko zai ce kasuwa ta yi albarka, wanda ya tsaya a na ƙarshe zai ce kamfani ya durƙushe, kuma babu wanda ya gane abin da ya faru a cikinsu.

Irin wannan ƙulli ake miƙa wa ɗalibin akanta ko na nazarin kasuwanci a jami'a da kwalejin kimiyya da fasaha, haka ma mai shirin jarrabawar ICAN ko ANAN. Malami zai ba shi rahoton shekara na wani kamfani, ya ce ya auna lafiyarsa. Kayan awon kuwa ma'aunai ne da ake samu ta hanyar raba wani adadi da wani, kuma gida uku suka kasu. Na farko yana tambaya ko kamfani zai iya biyan bashin da ke gabansa cikin wannan shekarar. Na biyu yana tambaya ko cinikinsa yana haifar da riba daidai da jarin da aka zuba. Na uku yana tambaya nawa ne na aro a cikin wannan jarin, kuma ko kamfanin zai iya ɗaukar nauyinsa.

Lissafin ba shi da wuya, kalkuleta ta wadatar. Inda ɗalibai ke zubar da maki shi ne su ɗauki gidajen nan uku a matsayin tambayoyi uku da ba ruwan wata da wata. A zahiri labari ɗaya suke bayarwa, kuma sau da yawa kyawun da aka gani a wani gida, wani gidan ne ya biya kuɗinsa.

Inda alƙaluman suke

Rahoton babban kamfani yakan wuce shafi ɗari, amma ɗalibi bai kamata ya ɓata lokaci a kan hotuna da jawabin shugaba ba. Shafuka uku ne tushen aikinsa. Akwai bayanin riba da asara, wanda ke nuna cinikin shekara da abin da aka kashe. Akwai bayanin dukiya da bashi, wanda ke nuna abin da kamfani ya mallaka da abin da ake bin sa a rana ɗaya tak, wato ranar rufe shekara. Sai bayanin shige da ficen tsabar kuɗi. A bayansu akwai dogon ƙarin bayani mai lambobi, inda ake warware kowane adadi filla-filla. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Najeriya sun koma bin ƙa'idar IFRS tun 2012, don haka tsarin shafukan kusan iri ɗaya ne, kuma kowane rahoto yana ɗauke da alƙaluman shekara biyu gefe da gefe.

Abu ɗaya ne za a kiyaye tun farko. Kamfanin da ke da rassa yakan buga layi biyu, ɗaya na rukunin gaba ɗaya, ɗaya na uwar kamfani ita kaɗai. Wanda ya ɗauko ciniki daga wannan layi ya ɗauko bashi daga wancan, duk abin da ya lissafa ya tashi a banza.

Domin a ga aikin a aikace, bari mu ɗauki misalin da aka ƙirƙira don koyo: kamfanin casar shinkafa da ke rufe lissafinsa a ƙarshen Disamba. Alƙalumansa ba na wani kamfani na gaske ba ne, an zaɓe su ne don lissafi ya fita sarai. Jawabin shugabansa ya ce ciniki ya tashi daga naira miliyan 2,000 zuwa miliyan 2,600, ƙarin kashi 30 cikin 100, kuma an faɗaɗa harka. Aikinmu shi ne mu ga ko faɗaɗawar ta yi rana.

Gida na farko: zai iya biyan bashin kusa?

Dukiyar kamfani iri biyu ce. Akwai kafaffiya, kamar gini da injuna da motoci. Akwai kuma ta juyawa, wadda ake sa ran za ta zama kuɗi cikin shekara guda: kaya a sito, bashin da yake bin dillalai, da tsabar kuɗi a banki. A ɗaya ɓangaren akwai bashin kusa, wanda dole a biya cikin shekara: kuɗin masu kawo kaya, haraji, da rancen banki na ɗan lokaci. Da yake da Turanci ake buga rahotannin, ga yadda ɗalibi zai tarar da ma'aunai biyu na farko a littafinsa:

```
Current ratio = Current assets ÷ Current liabilities
Quick ratio = (Current assets − Inventory) ÷ Current liabilities
```

Na farko yana raba dukiyar juyawa da bashin kusa. A shekarar farko kamfanin shinkafar yana da dukiyar juyawa ta miliyan 600, ana bin sa bashin kusa na miliyan 400, awo ya ba da 1.5. Ma'ana, a kan kowace naira ɗaya da ake bin sa yana da naira ɗaya da rabi. A shekara ta biyu dukiyar juyawa ta kai miliyan 1,100, bashin kusa miliyan 550, awo ya koma 2.0. Ɗalibin da ya haddace cewa biyu bisa ɗaya shi ne daidai zai rubuta cewa kamfani ya samu lafiya, ya wuce gaba. A nan ya faɗa rami.

Sai an buɗe cikin wannan miliyan 1,100 an ga abin da ke ciki. Kaya a sito sun tashi daga miliyan 300 zuwa 700. Bashin da kamfanin ke bin dillalai ya tashi daga miliyan 200 zuwa 380. Tsabar kuɗi kuwa ta zube daga miliyan 100 zuwa miliyan 20 kacal. Ba a biyan albashi ko kuɗin dizal da buhun shinkafar da ke jibge a sito, sai an sayar an karɓi kuɗi. Shi ya sa ma'auni na biyu yake cire kayan sito kafin ya raba. Da aka cire, shekarar farko ta ba da 0.75, ta biyu ta ba da 0.73. Ke nan duk cigaban da aka gani da farko tulin kaya ne, ƙarfin biyan bashi bai motsa ba. Ko wannan 0.73 ɗin ma akwai magana a kansa, domin cikin miliyan 400 da suka rage, 380 suna hannun mutane.

Daga nan sai a tambayi tsawon lokacin da kuɗi ke kwana kafin ya dawo. Idan aka raba kayan sito da kuɗin kayan da aka sayar a shekara, aka ninka da 365, za a ga kwanakin da kaya ke yi a ajiye. A misalinmu sun tashi daga kwana 73 zuwa 126. Idan aka raba bashin dillalai da ciniki, aka ninka da 365, za a ga kwanakin da suke ɗauka kafin su biya: daga kimanin 37 zuwa 53. Haɗa biyun, daga ranar da kaya suka shiga sito zuwa ranar da kuɗinsu ya shigo, da kwana 110 ake jira, yanzu sai an yi 179.

Duk da haka ɗalibi mai hankali ba zai yi saurin yanke hukunci ba, domin sana'a tana da yanayinta. Mai casar shinkafa da kaka yake cika rumbu, lokacin da shanshera ta yi araha, kuma Disamba tana faɗowa daidai wannan lokaci. Tarin kaya a ranar rufe shekara yana iya zama dabara, yana iya zama alamar kasuwa ta tsaya. Abin da zai raba gardama yana cikin ƙarin bayani, inda ake kasa kayan sito zuwa ɗanyen kaya da wanda aka gama sarrafawa. In akasarin miliyan 700 ɗin shanshera ce, to kamfani ya yi tanadi ne kafin farashi ya tashi. In kuwa gyararriyar shinkafa ce a buhu, kaya sun yi kwantai. Adadi ɗaya ne, fassara biyu, kuma malami yana son ya ga ɗalibi ya je ya duba.

Ita ma dokar biyu bisa ɗaya ba ta hau kan kowa ba. Babban kanti da ke sayarwa kuɗi hannu, yana karɓar kaya bashi daga masu kawowa, yakan zauna lafiya da awon da bai kai ɗaya ba. Kamfanin gine-gine da ke jiran biya wata da watanni yana buƙatar fiye da haka. Sannan awon yana karɓar kwalliya. Da kamfaninmu ya ɗauki miliyan 100 ɗin da ke banki a shekarar farko ya biya masu kawo kaya ana gobe rufe lissafi, da awo ya zama 500 bisa 300, wato 1.67 maimakon 1.5, alhali ko sisi bai ƙaru ba.

Gida na biyu: riba daga ina, kuma a kan jarin nawa?

Riba hawa uku ce a rahoto, kuma kowane hawa da abin da yake tonawa. Ribar farko ita ce ciniki bayan an cire kuɗin kayan da aka sayar. Ribar aiki ita ce abin da ya rage bayan albashi, sufuri, talla da sauran hidimar gudanarwa. Tsantsar riba ita ce ta ƙarshe, bayan kuɗin ruwa da haraji.

A kamfanin shinkafar, ribar farko ta ƙaru daga miliyan 500 zuwa 572. A naira ta ƙaru, amma idan aka auna ta da ciniki, ta sauko daga kashi 25 zuwa kashi 22 cikin 100. Wato a kowace naira 100 ta ciniki, da 25 ke saura, yanzu 22. Dalili ba ya wuce biyu: ko kuɗin shanshera da wuta ya tashi kamfani ya kasa ɗora wa masu saye, ko kuma ya karya farashi don kaya su fita. Idan aka tuna cewa dillalai sun samu ƙarin kwanakin biya, za a fi karkata ga cewa sayen ciniki aka yi da rangwame da sassauci. Ribar aiki ta tashi daga miliyan 240 zuwa 260, amma kasonta ya sauko daga 12 zuwa 10. Lura da cewa ribar farko maki uku ta rasa, ribar aiki maki biyu. Wannan ya wanke ofis daga zargi: hidimar gudanarwa ta ragu daga kashi 13 zuwa 12 na ciniki, matsalar tana wajen saye da sayarwa.

Shi kansa ƙarin cinikin kashi 30 sai an gwada shi da tsadar kaya. Hukumar ƙididdiga ta Najeriya ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. A shekara irin wannan, kamfanin da cinikinsa ya ƙaru da kashi 30 yana iya kasancewa buhunan da ya sayar ba su kai na bara ba. Ɗalibin da ya yaba ƙarin ciniki bai ambaci wannan ba, ya bar maki a ƙasa.

Ma'aunin da ya fi nauyi a wannan gida shi ne wanda ke gwada riba da jari:

```
ROCE = Operating profit ÷ (Equity + Long-term debt) × 100
```

Ana raba ribar aiki da dukkan jarin da ke aiki, na masu hannun jari da na rancen dogon zango a haɗe. Ribar aiki ake ɗauka, tun kafin a cire kuɗin ruwa, saboda jarin da ke ƙasa ya haɗa da kuɗin masu ba da rance, kuma kuɗin ruwa shi ne rabonsu. Wanda ya ɗora tsantsar riba a kan wannan jari ya haɗa abin da bai haɗu ba, kuma kuskure ne da ke yawan fitowa a takardun ɗalibai.

A shekarar farko jarin kamfaninmu miliyan 1,200 ne, riba 240, awo ya ba da kashi 20. A ta biyu jari ya kumbura zuwa miliyan 1,700, riba 260, awo ya sauko zuwa kashi 15.3. Ana iya tsaga wannan awo gida biyu don a ga inda ya zube: kason riba a kan ciniki, da yawan cinikin da kowace naira ta jari ke jawowa. Shekarar farko kashi 12 ne sau 1.67, ta biyu kashi 10 sau 1.53. Duka ƙafafun biyu sun yi rauni, riba ta yi siriri, jarin ma ya rage juyawa.

Ga tambayar da ke fito da komai fili: ƙarin jarin miliyan 500 da aka zuba, me ya haifar? Ƙarin ribar aiki miliyan 20. Kashi 4 cikin 100 ke nan. A riƙe wannan adadi, za a buƙace shi nan gaba kaɗan.

Gida na uku: jarin na wa ne?

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma kusan babu babban kamfanin da ba ya cin sa. Abin dubawa shi ne yawansa da tsadarsa. Bambancin mai hannun jari da banki a fili yake: in babu riba mai hannun jari zai haƙura da rabon shekara, banki kuwa ko an ci ko an faɗi sai an biya shi kuɗin ruwansa. Ma'aunai biyu ake amfani da su:

```
Gearing = Long-term debt ÷ (Equity + Long-term debt) × 100
Interest cover = Operating profit ÷ Finance costs
```

Na farko yana nuna kason rance a cikin jari. A shekarar farko rancen dogon zango miliyan 200 ne, jarin masu kamfani miliyan 1,000, kaso ya kama kusan 17 cikin 100. A ta biyu rance ya kai miliyan 650, jarin masu kamfani 1,050, kaso ya haura 38. Akwai littattafan da ke raba rance da jarin masu kamfani kawai, kuma ta wannan hanya alƙaluman za su zama kashi 20 da kashi 62. Dukansu karɓaɓɓu ne. Sharaɗin shi ne ɗalibi ya faɗi wanda ya ɗauka, ya kuma tsaya a kansa a duk shekaru da duk kamfanonin da yake kwatantawa. Haka nan in kamfani ya mayar da rancen banki na ɗan lokaci abin dogaro shekara da shekaru, ya kamata a sa shi a lissafi, a faɗi dalili. Tun 2019, ƙa'idar IFRS 16 ta sa hayar gini da kayan aiki ta dogon lokaci tana fitowa a matsayin bashi, don haka mai kwatanta shekarun da suka tsallaka wannan lokaci ya sani cewa ma'aunin ne ya sauya.

Kashi 38 shi kaɗai ba abin firgita ba ne, littattafai da yawa sai an doshi rabi suke kiran bashi mai nauyi. Ma'auni na biyu ne ke nuna inda ciwon yake. Kamfaninmu yana biyan ruwan kashi 20 a kan rancensa, don haka kuɗin ruwa ya tashi daga miliyan 40 zuwa 130. Da, ribar aiki ta ninka kuɗin ruwa sau 6. Yanzu sau 2 kawai. Ma'ana, in riba ta ragu da rabi, duk abin da aka samu banki ne zai kwashe. Ruwan kashi 20 ɗin ma ba ƙari aka yi ba, domin a ƙarshen 2024 ma'aunin ruwan Babban Bankin Najeriya ya kai kashi 27.5.

Yanzu a dawo da adadin da aka riƙe. Kamfani ya ranto ƙarin miliyan 450 a kan ruwan kashi 20, ya haɗa da miliyan 50 na ribar da bai raba ba, ya zuba su inda suka haifi kashi 4. Ƙarin riba miliyan 20, ƙarin kuɗin ruwa miliyan 90. Giɓin miliyan 70 daga aljihun masu hannun jari ya fita: riba kafin haraji ta faɗo daga miliyan 200 zuwa 130, tsantsar riba bayan harajin kashi 30 ta faɗo daga 140 zuwa 91, kuma abin da jarinsu ke haifa musu ya sauko daga kashi 14 zuwa ƙasa da 9. Ƙa'idar a taƙaice take. Muddin jari yana haifar da fiye da ruwan da ake biya, rance yana ƙara wa masu kamfani samu. Da zarar ya gaza, rancen nan ya koma cin uwar kuɗi.

Akwai haɗarin da waɗannan ma'aunai ba sa nunawa sai an shiga ƙarin bayani, wato da wane kuɗi aka ci bashin. Abin da ya faɗa wa Nestlé Nigeria ke nan. Tana da rance na dala, ita kuwa da naira take ciniki. A watan Yunin 2023 aka saki naira a kasuwar canji, dalar da ake saya kimanin naira 460 ta doshi 900 kafin shekara ta ƙare. Bashin bai ƙaru da dala ko ɗaya ba saboda wannan, amma a naira ya kusa ninkawa, kuma asarar canjin ta haɗiye ribar aiki duka, har jarin masu hannun jari ya koma ƙasa da sifili. MTN Nigeria ma ta yi asarar kimanin naira biliyan 137 a wannan shekara saboda faɗuwar naira. Idan jarin masu kamfani ya zama ƙasa da sifili, awon kason rance ya daina ba da ma'ana, yana iya haura 100 ko ya fito da alamar ragi. A nan ɗalibi ya faɗi haka ƙarara, ya koma ga ribar aiki, kuɗin ruwa da tsabar kuɗin da harka ke shigowa da shi.

Ɗaure zaren wuri ɗaya

In aka jera gidajen uku, labarin kamfanin shinkafar ya fito a jimla kaɗan. Ya ci rancen dogon zango mai tsada. Cikin ƙarin jarin miliyan 500, miliyan 150 ne kawai ya tafi ga injuna da gini, sauran 350 ya nutse a kayan sito da bashin dillalai. Wannan ne ya ɗaga awon farko zuwa 2.0, domin kayan sun shiga lissafin dukiyar juyawa, rancen da aka saye su da shi kuwa bai shiga bashin kusa ba. Ashe adadin da ya fi kowanne kyau a rahoton, bashi ne ya haife shi. Kuma ranar da lokacin biyan rancen ya rage ƙasa da shekara, zai sauko cikin bashin kusa, awon ya rushe a dare ɗaya. Jadawalin lokutan biya yana cikin ƙarin bayani, sai a duba.

Bambancin amsar da ke cin rabin maki da wadda ke cin duka a rubutu yake. Mai rauni zai ce: “Awon biyan bashin kusa ya tashi daga 1.5 zuwa 2.0, wannan ya nuna cigaba.” Ya maimaita abin da kalkuleta ta faɗa ne kawai. Mai ƙarfi zai ce: “Awon ya tashi daga 1.5 zuwa 2.0, amma tarin kayan sito ne ya jawo, domin da aka cire su awon bai wuce 0.73 ba, tsabar kuɗi kuma ta ragu zuwa miliyan 20. Da rancen dogon zango aka sayi kayan, shi ya sa kuɗin ruwa ya ninka fiye da sau uku.” A cikin jimla biyu ya faɗi abin da ya sauya, dalilinsa, da inda ya taɓa wani gidan.

Sauran abin da malami ke nema shi ne abin kwatance da sanin iyaka. Awo ɗaya tilo ba ya magana sai an ajiye shi kusa da na shekarun baya, uku zuwa biyar in an samu, da na wani kamfani mai sana'a iri ɗaya. Ana gwada Dangote Cement da BUA Cement, ba a gwada kamfanin siminti da na sadarwa. Banki kuwa ma'aunansa daban ne gaba ɗaya, tunda kuɗin ajiyar mutane bashi ne a kansa, kuma wanda ya auna shi da waɗannan zai ce kowane banki ya nutse. Haka kuma kamfanin da ya sake kimanta gine-ginensa zuwa farashin yau, jarinsa zai kumbura a takarda, kason bashi ya ragu, awon riba a kan jari ya faɗi, ba tare da an sayar da ƙarin buhu ko ɗaya ba.

A ƙarshe tambayar takan ce a ba wani shawara, kuma amsar ta danganta da wanda ya tambaya. Mai kawo shanshera bashi, tsabar miliyan 20 a gaban bashin kusa na miliyan 550 ita ce damuwarsa, sai ya gajarta wa'adi ko ya nemi kafin alƙalami. Banki zai dubi ribar da ta ninka kuɗin ruwa sau 2 kacal, ya ƙi ƙara rance sai an rage kaya. Su kuwa masu gudanarwa, alƙaluman sun nuna musu ƙofar fita. In suka mayar da kwanakin sito zuwa 73, kaya za su sauko zuwa kimanin miliyan 406. In dillalai suka koma biya kamar da, bashinsu zai sauko zuwa miliyan 260. Kuɗin da zai kuɓuta ya haura miliyan 410, kusan duk sabon rancen ke nan, kuma biyansa zai rage kuɗin ruwa da sama da miliyan 80 a shekara. Awon farko zai faɗo daga 2.0 zuwa kimanin 1.25, ɗalibin da ya haddace biyu bisa ɗaya zai ce an koma baya, alhali ribar aiki za ta koma ninka kuɗin ruwa fiye da sau 5.